Yadda Tela Zai Rubuta wa Kwastoma Wasiƙar Biyan Cikon Kuɗin Ɗinki Kashi-Kashi

Tun da aka gama hidimar Sallah, 'yan'uwa teloli ke ta yi min tambaya iri ɗaya. An ɗinka kaya, mai su ya karɓa, ya sa ya je Idi, amma ciko ya maƙale. An buga waya ya ce "in sha Allahu zan turo", wata ya shuɗe shiru. Mutumin kuma ba baƙo ba ne, tsohon kwastoma ne wanda ba ka so ku ɓata. To yaya za a rubuta masa a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, kuɗi su fito, mutunci kuma bai zube ba?

Aikin wannan wasiƙa guda ne: ta mayar da "zan turo" ta zama adadi sananne da ranaku sanannu waɗanda ku biyu kuka amince da su. Duk abin da bai taimaka wa wannan ba, a bar shi a waje. Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, na wani Alhaji ma'aikacin gwamnati da ya kawo ɗinkin Sallah nasa da na 'ya'yansa. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai, kowa ya sa farashin shagonsa.

1. Fara da littafi, kafin biro ya taɓa takarda

Ɗauko littafin da kake rubuta awo da kuɗi, ka buɗe saƙonnin banki a wayarka, ka zauna lokacin da shago ya yi shiru. Abu huɗu kake nema: me aka ɗinka, nawa aka yi ciniki, nawa aka biya da ranar da aka biya, nawa ya rage.

A misalinmu, Alhaji ya kawo babbar riga biyu masu aikin kwamfuta, kowace naira 35,000, wato 70,000. Kaftani uku, kowane 12,000, wato 36,000. Kayan yara huɗu, kowane 6,000, wato 24,000. Jimla 130,000. Ya ba da kafin alƙalami 50,000 hannu da hannu ranar da ya kawo yadi, sannan ya turo 20,000 ta banki ranar da aka karɓi kaya. An biya 70,000 ke nan, saura 60,000.

Gargaɗi: tambayi yaran shago ko wani ya taɓa karɓar wani abu a madadinka. Sau da yawa kwastoma kan biyo ta shago ba ka nan, ya ba yaro dubu biyar ya ce a ba maigida, yaron ya miƙa maka ana tsakiyar aikin dare, ba a rubuta ba. Idan ka rubuta 60,000 alhali 55,000 ne, magana ta tashi daga kan biya ta koma kan gaskiyarka, kuma daga nan da wuya ta dawo. Inda kake shakka tsakanin adadi biyu na cikon kuma ba ka da shaida, ɗauki ƙaramin.

Haka nan kar ka cusa kuɗin da ba a yi ciniki da su ba. Idan kai ka ga dama ka sa shafi mai tsada ko maɓallai na musamman ba tare da ka faɗa masa ba, wannan ya wuce. Idan kuwa shi ya ce a ƙara aiki a aljihu kuma kun yi maganar kuɗinsa, rubuta shi a layinsa daban don ya tuna.

2. Tabbatar ba ƙorafi ne ya riƙe kuɗin ba

Wani kwastoman ba rashin kuɗi ne ya hana shi biya ba. Wando ne ya ɗage, ko wuya ya matse, ko kayan yaro ɗaya ba su iso ba sai ranar hawan Sallah, ya ji haushi ya yi shiru, ya riƙe cikon. Alamar haka ita ce mutum mai biya a kan lokaci a da, wanda yanzu yake amsa gaisuwa a taƙaice kuma bai ce komai a kan kayan ba, ko yabo ko suka. Idan ka san akwai irin wannan, fara da gyara. Ka ce a kawo kayan ka saki wuyan ko ka ƙara tsawon kyauta, in ya cancanci ragi ka yi ragin, sannan ka rubuta wasiƙa da sabon adadin. Wasiƙar neman kuɗi a kan aikin da mutum bai gamsu da shi ba ƙara masa hujja take yi.

3. Yanke kashi nawa, da ranaku

Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Fara da duba naka nauyin. Cikin 60,000 ɗin nan ba duka ne ladan hannunka ba. A ce mai aikin kwamfuta da ya yi wuyan manyan rigunan yana bin ka 20,000, ka kuma sayi zare da gam da shafi daga aljihunka, ga man janareta da aka ƙona a daren Sallah. To kashin farko ya zama aƙalla ya rufe abin da ake bin ka saboda aikinsa. Shi ya sa a misalin nan kashin farko 20,000 ne. Da zarar ya shigo ka sallami mai aiki, sauran kuma ko sun ɗan yi jinkiri ba za su hana ka barci ba.

Sannan duba yadda kuɗi ke shigo wa mutumin. Ma'aikaci albashi yake jira, albashi kuma ba kullum yake faɗowa ranar da aka sa rai ba. Idan ka sa masa 28 ga wata, ka ɗora shi a kan saɓa alƙawari tun a kashin farko. Sa masa 5 ga sabon wata: albashi ya shigo, kuma bai riga ya narke a cefane da kuɗin makaranta ba. Ɗan kasuwa mai cinikin yau da kullum ya fi jin sauƙin biyan kaɗan duk mako, misali 7,500 kowace Juma'a har mako takwas. Manomi ko mai sayen amfanin gona, kaka ce lokacinsa, sai ka nemi ɗan abu yanzu, babban kashin a bari sai an girbe. Matar da ke adashe kuwa ta san ranar ɗaukarta, tambayarta za ka yi ta faɗa da kanta.

Ga Alhajinmu tsarin shi ne 20,000 sau uku: 5 ga Yuli, 5 ga Agusta, 5 ga Satumba. A ganina ƙaramin tela bai kamata ya wuce wata uku ko huɗu ba. Idan ka ja abin zuwa wata goma, kowane kashi ya zama 6,000, kuɗin za su riƙa shigowa suna ɓacewa a sayen allura da shayi, ba za ka taɓa ganin amfaninsu a dunƙule ba, ga shi farashin kaya a kasuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Sannan wata hidimar za ta zo, biki ko wata Sallah, ya kawo sabon ɗinki a kan tsohon bashi, lissafi ya cakuɗe.

Gargaɗi: kar ka ƙara ko kwabo saboda jinkiri. "In an wuce rana za a ƙara dubu biyu" kuɗin ruwa ne, haramun ne a Musulunci, kuma kwastoma zai riƙe wannan layin ya manta da duk sauran wasiƙar. Adadin da ka rubuta a sama shi ne za a biya, ko da an kai Satumba. Idan ka yi niyyar yafe wani abu, rubuta shi a fili, misali "na bar dubu biyar, saura 55,000", kar ka bar shi a baki.

Kar kuma ka rubuta "ƙarshen wata" ko "bayan Sallah" ko "idan hali ya yi". Rubuta rana da wata. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, don haka babu abin kunya a wannan, kuma idan kwastoma ya ce "haba, har sai an rubuta tsakaninmu?" amsar ke nan, cikin murmushi.

4. Takarda ko waya

Kayan aikin ba su da yawa: farar takarda biyu, biro, ambulan, da hatimin shago in akwai. In rubutunka ba ya karantuwa sosai, shagon buga takardu zai buga maka a fitar da kwafi biyu da 'yan ɗaruruwan naira. Kwafi ɗaya nasa, ɗaya naka.

Ga dattijo ko bashi mai nauyi, takarda ta fi daraja. Ga matashi ko wanda yake wani gari, saƙon WhatsApp ya isa, kuma yana da amfanin cewa rana da lokaci suna nan a jiki. Idan mutumin ba ya karanta boko sosai, aika rubutun sannan ka bi shi da saƙon murya kana karanta abin da ka rubuta daidai, ba ƙari. Saƙon murya shi kaɗai ba ya wadatarwa, don ba wanda zai koma sauraren minti huɗu yana neman adadi.

5. Rubuta wasiƙar

Jerin shi ne sallama da gaisuwa, godiya, lissafi, dalili a layi ɗaya ko biyu, tsarin biya, hanyar biya, sannan ƙofa a buɗe da ranar da kake son amsa. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ga ta Alhaji:

> Assalamu alaikum wa rahmatullah.
>
> Ranka ya daɗe Alhaji, barka da war haka. Da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, an kuma yi Sallah lafiya. Allah Ya maimaita mana.
>
> Ina godiya da yadda ka daɗe kana kawo mana aiki, kai da yara. Na rubuto ne a kan cikon kuɗin ɗinkin Sallah, don lissafin ya zama a wuri ɗaya:
>
> Babbar riga 2, a kan 35,000: naira 70,000
> Kaftani 3, a kan 12,000: naira 36,000
> Kayan yara 4, a kan 6,000: naira 24,000
> Jimla: naira 130,000
> Kafin alƙalami da ka bayar hannu da hannu: naira 50,000
> Wanda ka turo ta banki ranar karɓar kaya: naira 20,000
> Ciko: naira 60,000
>
> Na san hidima ta yi yawa a wannan lokaci. Ni ma mai aikin da ya yi wuyan rigunan yana jiran nasa a hannuna. Shi ya sa na ga in kawo shawara, in ba damuwa, a raba cikon gida uku:
>
> 5 ga Yuli: naira 20,000
> 5 ga Agusta: naira 20,000
> 5 ga Satumba: naira 20,000
>
> Babu ƙarin komai a kai. Ana iya turowa ta asusun da ke ƙasa, ko a kawo shago hannuna, kuma duk abin da ya shigo zan ba da rasit.
>
> Idan ka ga kuskure a lissafin, don Allah a sanar da ni mu gyara. Idan kuma ranakun ko adadin ba su yi maka daidai ba, ka faɗi wanda zai fi maka sauƙi mu tsaya a kai. Ina roƙon in ji daga gare ka kafin 25 ga Yuni.
>
> Allah Ya ƙara buɗi, Ya bar zumunci.
>
> Naka,
> (suna, sunan shago, lambar waya, banki da lambar asusu, kwanan wata)
>
> Na amince da wannan tsari: (sa hannun Alhaji da kwanan wata)

Lura da layin da ya ce ya faɗi wanda zai fi masa sauƙi. Shi ne ya fi kowane layi aiki. Mutum ya fi riƙe ranar da ya zaɓa da bakinsa. In Alhaji ya ce shi 15,000 sau huɗu zai iya, karɓa, matuƙar ka san yadda za ka cike wa mai aiki dubu biyar ɗinsa. Gyara takardar, ku sa hannu a kan sabon tsarin.

Kiran da za ka yi masa ya dace da yadda kuka saba. Malam ga malami ko sa'anka da kuke girmama juna, Yallaɓai ga babban ma'aikaci, Baba ga sa'an mahaifinka, Hajiya ko Anti ko Mama ga mace gwargwadon shekarunta. Wanda kullum kake ce wa Baba, in ya ga wasiƙa ta fara da cikakken sunansa kamar sammaci, ya san an canza masa fuska.

Gargaɗi: abubuwa uku ba sa shiga wasiƙar farko. Na ɗaya barazana, wato ambaton kotu ko 'yan sanda ko Hisba. Na biyu wa'azi. Hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne ingantacce ne, amma in ka rubuta wa kwastoma shi, ka kira shi azzalumi ke nan a takarda. Na uku gori, irin "na gan ka da rigar a wurin ɗaurin aure" ko "na ji ka sayi sabon babur". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kai ma mai yadi a Kantin Kwari ya taɓa ɗaga maka ƙafa. Haka kuma kar ka cika shafi da labarin matsalolin gidanka. Layi ɗaya a kan mai aiki ya isa, don haƙƙinka kake nema.

6. Idan kayan suna hannunka

Wani lokacin ba a karɓi kayan ba, suna rataye a shago saboda ciko. To sai ka haɗa sakin kaya da biya, ka rubuta shi a wasiƙar: kashin farko ya shigo a karɓi kayan yara, na biyu a karɓi kaftanai, na ƙarshe a karɓi manyan riguna. Kayan yara su fara fita, don su ne suke ƙin jira. Yaro na girma, kayan wata huɗu sai su ɗage masa, sai a dawo maka da maganar gyara.

Gargaɗi: yadin nasa ne, amana ce a hannunka. Kar ka sayar da kayan don fanshe kuɗinka ba da yardarsa a rubuce ba, kar ka ba wani aro, kar ka sa a jikin mutum-mutumin ƙofar shago rana ta kashe launin shaddar. Ninke su ka sa a leda da sunansa, nesa da ɓera da danshi.

7. Isar da ita

Idan takarda ce, rufe ambulan, ka kai da kanka ko ka ba babban yaronka mai hankali, a miƙa hannu da hannu. Kar a ba maigadi, kar a ajiye a teburin ofis, kar a miƙa masa a majalisa ko a ƙofar masallaci gaban mutane. Idan WhatsApp ne, kai tsaye gare shi, da rana, ba tsakar dare ba. Kar ka taɓa sa sunansa ko hoton kayansa a inda kowa zai gani da sunan "masu cin bashin tela". Kuɗin ƙila su fito, amma sauran kwastomominka sun ga abin da za ka iya yi musu.

Idan kwastomar matar aure ce, a nan ake buƙatar kula sosai. Mai yiwuwa maigidanta bai san da bashin ba, ko ya riga ya ba ta kuɗin ɗinkin ta yi wata hidima da su. Takardar da ta faɗa hannunsa tana iya tayar da rigimar da ta fi naira dubu sittin. Bi hanyar da aikin ya zo maka: in ita ke yi maka magana ta waya, aika mata ta nan, a taƙaice kuma cikin ladabi. In ƙanwarta ko 'yar aikenta ke kawo ɗinki, a rufe ambulan a ba ta. In kuwa tun farko maigidan ne ya kawo yadin ya yi ciniki, shi za ka rubuta wa. Haka in anko ne na biki, wadda ta tattara aikin ta yi ciniki da kai ita kake bi, ba ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya ba.

8. Samo amincewa, ka bi kowane kashi

Sa hannu a kwafinka shi ne mafi kyau. A waya kuwa ka roƙe shi ya rubuta "na amince", ka ɗauki hoton allon ka adana. Ɗaga babban yatsa kawai bai isa ba. Idan kuɗin suna da yawa a ma'auninka, a samu shaida ɗaya ko biyu da ku duka kuka yarda da su.

Saura kwana biyu ranar ta cika, tura gajeren saƙo: "Salam Alhaji, barka da aiki. Tuni ne kawai a kan 20,000 na 5 ga wata. Na gode." Kuɗi na shigowa, rubuta a littafi nan take, ka aika masa: "An karɓi 20,000 yau 5 ga Yuli, saura 40,000. Allah Ya saka da alheri." Faɗin abin da ya rage kowane lokaci shi ke hana musu a ƙarshe.

Gargaɗi: hoton rasit ɗin tura kuɗi ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunka ka ga sun zauna kafin ka rubuta an biya, musamman in za ka saki kaya. Idan ta wurin mai POS zai turo, ku yi magana tun farko cewa cajin nasa ne, don kar 20,000 ta iso a rage. Kuma asusu ɗaya tak za ka bayar, naka, ba na yaron shago ba.

9. Idan rana ta wuce shiru

Ba shi kwana uku, sannan ka kira da murya, ka fara da tambayar lafiya. In ya ce albashi bai shigo ba ko rashin lafiya ta same su, ku sa sabuwar rana a take, ka tura masa ita a rubuce. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma wanda ya kira ka da kansa ya ba da uzuri, ko ya kawo rabin kashi, yana cikin masu niyyar biya. Karɓi rabin, ka rubuta.

Wanda ya tsallake kashi biyu a jere kuma ya daina ɗaukar waya, shi ake rubuta wa wasiƙa ta biyu. Gajeriya ce: ranar da ya amince, abin da ya biya, abin da ya rage, da sanarwa cewa in mako biyu suka wuce za ka nemi wani babba ya shiga tsakani. Fara da wanda ya haɗa ku ko wani da yake jin nauyinsa, sannan shugaban ƙungiyar teloli ko mai unguwa. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kafin ka je ka auna kuɗin mota da ranakun da keken ɗinki zai kwana a rufe, ka gwada da abin da kake bi. In ta kai ga haka, takardar da ya sa wa hannu da rasitocin da ka ajiye su ne hujjarka.

A tsawon wannan lokaci, in ya kawo sabon ɗinki kafin ya gama, buɗe masa sabon shafi a littafi, sabon aikin kuma a biya kuɗinsa cif kafin almakashi ya taɓa yadi. Ranar da kashin ƙarshe ya shigo, rubuta "an kammala biya" da kwanan wata a kan kwafinka, ka soke shafin a littafi, ka ɗauki hotonsa ka aika masa tare da godiya.